Darasin Lissafin Kasuwanci: Yadda Ake Gano Kuɗin Ruwan Da Ke Ɓoye Cikin Rance

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ba kowane mai cin bashi ne ya san ainihin farashin da ya sayi kuɗin da aka ba shi ba. Sau da yawa idan ɗan kasuwa ya je neman rance a banki, ko ƙaramin bankin ba da lamuni, ko wurin dillalin da ke ba da kaya a biya sannu a hankali, abubuwa uku kaɗai ake faɗa masa a fili: ga adadin da za a ba ka, ga abin da za ka riƙa biya kowane wata, ga kuma yawan watannin da za ka yi kana biya. Abu na huɗu, watau kashi nawa cikin ɗari ake ɗora masa, ko dai a yi shiru a kansa, ko kuwa a faɗi wani adadi wanda ba shi ne na haƙiƙa ba. A darasinmu na yau za mu nuna yadda mai karatu zai fito da wannan abu na huɗu daga cikin ukun da aka ba shi, da alƙalami da takarda da ƙaramar na'urar lissafi irin wadda ke kan teburin kowane kanti.

Misalin da za mu bi

A ce wani mai sayar da hatsi a unguwar Sabo ta Ibadan yana neman N1,200,000 domin ya ƙaro kaya. Mai ba da rance ya ce masa zai riƙa biyan N120,000 a ƙarshen kowane wata har watanni 12. Jimlar abin da zai biya ke nan N1,440,000. Idan aka ɗebe uwar kuɗi, saura N240,000, wanda shi ne ruwan. Jami'in ya raba N240,000 da N1,200,000, ya ce masa ai ruwan kashi 20 ne cikin ɗari a shekara.

Lissafin jami'in bai yi kuskure a rabawa ba, amma ya tsallake wani abu babba. Da a ce ɗan kasuwan zai riƙe N1,200,000 ɗin nan cur har shekara ta zagayo, sa'an nan ya mayar da ita tare da N240,000 a rana ɗaya, to da kashi 20 daidai ne. Amma ba haka yarjejeniyar take ba. Tun ƙarshen watan farko ya fara mayar da kuɗin. A wata na bakwai abin da ya rage a hannunsa bai fi rabi da 'yan kai ba, a wata na ƙarshe kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Duk da haka an auna masa ruwan kamar dukkan kuɗin na hannunsa shekara guda cur. Irin wannan lissafi shi ake kira ruwan bai ɗaya, watau wanda ake ɗorawa a kan uwar kuɗi ta farko ba tare da la'akari da abin da aka riga aka biya ba. Ruwa na haƙiƙa kuwa shi ne wanda ake aunawa a kan ragowar bashi kaɗai, wata bayan wata.

Domin a ga girman bambancin, da a ce kashi 20 ɗin nan a kan ragowar bashi ake auna shi, da biyan wata bai wuce kimanin N111,160 ba, kuma da ruwan shekarar gaba ɗaya ya tsaya a wajen N133,900. Tsakanin wannan da N240,000 akwai sama da N106,000. Saboda haka tambayar ita ce: wane kashi ne, idan aka riƙa ɗora shi a kan ragowar bashi kowane wata, zai sa biyan N120,000 sau 12 ya share bashin N1,200,000 ƙaf, ba ragi ba ƙari?

Me ya sa babu hanyar kai tsaye

Idan an san kashin ruwa, fitar da biyan wata abu ne mai sauƙi, domin akwai ƙa'idar lissafi guda da ke bayar da shi. Amma idan aka juya tambayar, aka ce an san biyan wata ana neman kashin, sai a tarar kashin ya shiga cikin lissafin a wurare da yawa: sau ɗaya a watan farko, ya ninku a kan kansa a wata na biyu, haka har zuwa na 12. Babu yadda za a ware shi gefe guda a ce ga shi. Wannan ba gazawar akawu ba ce. Tun a 1824 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Norway, Niels Henrik Abel, ya tabbatar da cewa irin wannan lissafi, idan ninkin ya kai hawa biyar ko fiye, ba shi da ƙa'ida guda ta gama-gari da za ta warware shi ta hanyar tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da cire tushe.

Abin da ake yi shi ne ciniki irin na kasuwa: a taya, a duba, idan ya yi yawa a rage, idan ya yi kaɗan a ƙara, har a tsaya a kan daidai. Kwamfutar banki ma abin da take yi ke nan, sai dai ita cikin ƙiftawar ido take gamawa. Matakan guda huɗu ne.

Mataki na ɗaya: tayin farko

Kafin a fara gwaji ana bukatar sanin wajen da amsar take, don kada a yi ta lalube. Hanyar ita ce a tambaya: a tsawon shekarar, nawa ne matsakaicin abin da ya zauna a hannun mai cin bashi? Idan muka ɗauka uwar kuɗi na raguwa da N100,000 kowane wata, to a watan farko yana riƙe da N1,200,000, a na ƙarshe kuma N100,000. A haɗa biyun a raba biyu, a sami N650,000. To N240,000 a kan N650,000 kashi 36.9 ne cikin ɗari a shekara, watau kimanin kashi 3.08 a wata.

Nan take mai karatu ya ga cewa batun kashi 20 ya tashi. Ga ƙa'idar da ta dace ɗan kasuwa ya riƙe a ka: a rancen da ake biya wata-wata daidai wa daida na tsawon shekara guda ko makamancin haka, ruwa na haƙiƙa ya kusa ninka na bai ɗaya sau biyu. Sai dai wannan tayi yakan zarce gaskiya kaɗan. Dalili shi ne uwar kuɗi ba ta raguwa daidai wa daida. A watannin farko ruwa ne ke cin kaso mai tsoka daga cikin biyan, saboda haka bashin yakan yi jinkirin sauka, matsakaicin abin da ke hannu kuma ya ɗara N650,000. Ke nan amsar tana ƙasa da 3.08 kaɗan, kuma wurin da ya kamata mu fara gwaji shi ne kashi 3.

Mataki na biyu: fitar da ma'auni da gwada shi

A raba kuɗin rance da biyan wata. A misalinmu N1,200,000 a raba da N120,000 ya ba da 10. Wannan lamba za mu kira ta ma'auni. Ma'anarta ita ce mai ba da rance ya ɗauki biya 12 da za a yi masa nan gaba a matsayin daidai da biya 10 a hannu yau. Da babu ruwa sam, da ma'aunin 12 ne cif. Gwargwadon yadda ma'auni ya yi ƙasa da yawan watanni, gwargwadon tsadar rancen ke nan.

Kowane kashi yana da nasa ma'auni a kowane wa'adi, kuma ga yadda ake fitar da shi, inda r yake nufin kashin wata, n kuma yawan watanni:

```
ma'auni = (1 - 1/(1 + r)^n) / r
```

Bari mu bi shi a hankali da kashi 3, wanda ake rubutawa 0.03. Da farko a jera 1.03 har guda 12 a ninka su da juna, a sami 1.42576. Sa'an nan a raba 1 da wannan, a sami 0.70138. A ɗebe wannan daga 1, saura 0.29862. A ƙarshe a raba da 0.03, a sami 9.954. A lura, kada a taƙaita lambobin bayan ɗigo zuwa biyu a tsakiyar aiki, domin rabawar ƙarshe takan kumbura ɗan ƙaramin kuskure ya zama babba. A riƙe guda biyar har a gama.

Abin da wannan lissafi ke faɗi a harshen kasuwa shi ne: idan kuɗi na haihuwar kashi 3 a wata, N120,000 da za a karɓa bayan wata ɗaya darajarta a yau N116,505 ce, wadda za a karɓa bayan wata 12 kuwa N84,166 ce kawai. Idan aka tara darajar dukkan biya 12 a yau, sai a sami N120,000 sau 9.954, watau N1,194,480. Amma abin da aka ba da rance N1,200,000 ne. Ba su daidaita ba, darajar ta gaza. Ke nan mun zaftare da yawa, kashi 3 ya yi yawa.

A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, saboda haka a kiyaye: kashi da ma'auni kishiyoyin juna ne. Idan ma'aunin da gwaji ya bayar ya gaza wanda muke nema, a rage kashi. Idan ya zarce, a ƙara kashi.

Sai mu gwada kashi 2.5. Ninkin 1.025 guda 12 ya ba da 1.34489. Raba 1 da shi ya ba da 0.74356. Ɗebewa daga 1 ya bar 0.25644. Rabawa da 0.025 ta ba da 10.258. Wannan ya zarce 10, ke nan kashi 2.5 ya yi kaɗan. Yanzu mun ritsa amsar tsakanin 2.5 da 3.

Mataki na uku: raba tazara

Ba sai an ci gaba da gwaji ba iyaka ba. Tazarar da ke tsakanin ma'aunin 2.5 da na 3 ita ce 10.258 a ɗebe 9.954, watau 0.304. Tazarar da ke tsakanin ma'aunin 2.5 da namu kuwa ita ce 10.258 a ɗebe 10, watau 0.258. A raba 0.258 da 0.304, a sami kimanin 0.85. Ma'ana, amsarmu ta ci kashi 85 cikin ɗari na hanyar da ke tsakanin 2.5 da 3. Tsawon hanyar 0.5 ne, kuma 0.85 ɗinsa ya kama 0.42. A ɗora a kan 2.5, a sami kashi 2.92 cikin ɗari a wata.

Wannan dabara tana ɗauka cewa ma'auni na sauka a miƙe kamar igiya, alhali kuwa yana da ɗan lanƙwasa. Saboda haka amsar takan ɗara gaskiya da ɗan ƙanƙanin abu, kuma kuskuren na ƙaruwa idan gwaje-gwajen biyu suka yi nisa da juna. Tazarar rabin kashi ta wadatar ga bukatar kasuwa. Wanda ke son ƙarin daidaito sai ya sake gwadawa tsakanin 2.9 da 3, zai sami 2.923.

Domin rage wa mai karatu wahala, ga jadawalin ma'auni na wa'adin da aka fi amfani da su. Ana iya yanke shi a ajiye cikin littafin ciniki.

| Kashi a wata | Wata 6 | Wata 12 | Wata 18 | Wata 24 |
|---|---|---|---|---|
| 2 | 5.601 | 10.575 | 14.992 | 18.914 |
| 2.5 | 5.508 | 10.258 | 14.353 | 17.885 |
| 3 | 5.417 | 9.954 | 13.754 | 16.936 |
| 3.5 | 5.329 | 9.663 | 13.190 | 16.058 |
| 4 | 5.242 | 9.385 | 12.659 | 15.247 |
| 5 | 5.076 | 8.863 | 11.690 | 13.799 |

Mai amfani da shi zai fitar da nasa ma'auni, ya bi layin wa'adinsa daga sama zuwa ƙasa har ya sami lambobi biyun da suka sa nasa a tsakiya, sa'an nan ya raba tazara kamar yadda muka yi.

Mataki na huɗu: tabbatarwa

Amsar da ba a gwada ta ba zato ce. Hanyar tabbatarwa ita ce a bi bashin wata-wata da kashin da aka samu, a ga ko zai ƙare daidai a wata na ƙarshe. A watan farko ruwan N1,200,000 a kashi 2.923 ya kama N35,076, saboda haka daga cikin N120,000 da aka biya, N84,924 ne ya shiga uwar kuɗi, bashi ya koma N1,115,076. A wata na biyu ruwan ya sauka zuwa N32,594, uwar kuɗi ta samu N87,406, saura N1,027,670. Haka za a yi ta tafiya, ruwa na raguwa, kason uwar kuɗi na ƙaruwa. A ƙarshen wata na shida bashin yana N651,738. A wata na 12 ruwan N3,408 ne kacal, kuma bayan biyan ƙarshe abin da ya rage bai kai Naira 20 ba, wanda taƙaita lambobi ne ya haifar da shi. Da an ga ragowa mai yawa a ƙarshe, da kashin ya yi yawa. Da kuma bashin ya ƙare tun kafin biyan ƙarshe ya cika, da kashin ya yi kaɗan.

Wannan jeri yana da wani amfani na daban. Idan ɗan kasuwan ya samu kuɗi bayan wata shida yana son ya rufe bashin, biya shida da suka rage sun kama N720,000, amma bisa ruwa na haƙiƙa abin da ake bin sa N651,738 ne. Bambancin sama da N68,000 ruwan watannin da bai shiga ba ne. Ko za a sauke masa shi ko ba za a sauke ba, wannan ya danganta ga abin da takardar yarjejeniya ta ƙunsa, saboda haka a nemi sharaɗin biyan wuri a karanta shi tun kafin sa hannu.

Daga wata zuwa shekara

Hanyoyi biyu ake bi, kuma dole a san wadda ake magana a kai. Ta farko ita ce a ninka kashin wata sau 12: 2.923 sau 12 ya ba da kimanin kashi 35.1. Wannan shi ne irin adadin da bankuna suka saba faɗi idan sun ce kaza a shekara kan ragowar bashi, kuma irinsa ne dokar Amurka ta bayyana gaskiya kan rance, wadda aka kafa a 1968, ta wajabta wa masu ba jama'a rance su rubuta. Ta biyu ita ce a bar ruwan ya haihu a kan ruwa: a ninka 1.02923 guda 12, a sami 1.413, watau kashi 41.3. Dukkansu daidai ne, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Abin gudu shi ne a auna rance ɗaya da hanyar farko, a auna ɗaya da ta biyu, sa'an nan a kwatanta su. Idan biyan mako-mako ne, sai a ƙirga wa'adi da makonni, amsar ta fito a kashin mako, a ninka ta sau 52.

Akwai kuma wani awon hankali da ba ya bukatar lissafi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. A irin wannan lokaci, duk mai ba da rance don riba da ya ce wa ƙaramin ɗan kasuwa kashi 20 zai karɓa a shekara, alhali ba wani shirin tallafi na gwamnati ba ne, to ya kamata a tambaye shi: kashi 20 a kan me?

Kuɗin da ake cirewa tun a bakin ƙofa

Kuskure mafi tsada a wannan lissafi shi ne amfani da adadin da ke rubuce a takarda maimakon wanda ya shiga hannu. A ce a misalinmu an cire N60,000 tun ranar farko da sunan kuɗin fom da na gudanarwa da inshora. Abin da ɗan kasuwan ya karɓa N1,140,000 ne, amma biyan wata na nan a N120,000. Ma'auni ya koma 9.5. A layin wata 12 wannan ya faɗa tsakanin 9.663 na kashi 3.5 da 9.385 na kashi 4. Tazarar duka 0.278 ce, tamu kuma 0.163, rabonsu kimanin 0.59. Rabin wannan ya kama 0.29, amsa ta zama kashi 3.79 a wata, watau kimanin kashi 45.5 a shekara. Cirewar kashi 5 kacal a farko ta ƙara fiye da kashi 10 a kan farashin shekara. Haka nan idan aka ce sai mutum ya bar wani kaso na rancen a asusu ba zai taɓa ba har ya gama biya, wannan kaso bai shiga kasuwarsa ba, kuma ya ƙara wa rancen tsada, ko da za a mayar masa da shi a ƙarshe.

To rancen da aka kira kashi 20 ya tashi a 45.5. Abin da wannan ke nufi ga mai hatsi shi ne, kowace N100 ta rance da ke cikin kayansa sai ta kawo ribar da ta wuce N3.79 a wata, bayan an fitar da kuɗin mota da na dako da hayar rumbu da asarar ƙwari, kafin a ce shi ya ci wani abu. Idan kayan suka yi wata uku ba su fita ba, sai farashinsu ya tashi da fiye da kashi 11 kafin ya mayar da kuɗin ruwa kaɗai.

Kwatanta tayi biyu

A ce wani mai ba da rancen ya yi masa tayin N1,200,000 ɗin, a biya N85,000 har wata 18, kuma dukkansu biyu ba su cire kome a farko. Jimlar biya N1,530,000 ce, ruwa N330,000. Ga ido wannan ya fi na farko tsada da N90,000. Amma ma'auninsa 14.118 ne, wanda ya faɗa tsakanin 14.353 da 13.754, ya ba da kusan kashi 2.7 a wata, ko kimanin 32 a shekara. Ke nan kowace Naira ta fi araha a tayi na biyu. Jimlar ta yi yawa ne domin an riƙe kuɗin na tsawon lokaci. Wanda kasuwarsa za ta juya kuɗin har wata 18 da riba, na biyu ya fi masa. Wanda bukatarsa ta kaka ɗaya ce kuwa, ba shi da dalilin biyan hayar kuɗi na watannin da ba ya bukatarsu. Jimlar ruwa na nuna abin da zai fita daga aljihu, kashi kuwa na nuna farashi, kuma mai hankali yakan duba duka biyun.

Kaya a biya sannu a hankali

Ko wanda ba ya mu'amala da ruwa bisa dalilin addini yana da bukatar wannan awo, domin yana aiki a kan duk cinikin da aka jinkirta biyansa da ƙarin farashi. Awon ba ya yanke hukunci a kan halaccin ciniki, tsadarsa kawai yake nunawa. A ce injin niƙa kuɗinsa a hannu N900,000. Dillali ya ce a ba da N180,000 kafin alƙalami, sa'an nan N135,000 a wata har wata 6. Jimla N990,000, ƙarin N90,000, wanda dillalin zai kira kashi 10. Amma abin da aka jinkirta ba N900,000 ba ne, N720,000 ne, tun da an biya kafin alƙalami nan take. Ma'auni shi ne N720,000 a raba da N135,000, watau 5.333. A layin wata 6 yana tsakanin 5.417 da 5.329, dab da na biyun, ya ba da kashi 3.47 a wata, kusan 42 a shekara. Sharaɗin wannan lissafi shi ne a yi amfani da farashin hannu na gaskiya, wanda za a samu bayan ciniki a kasuwa, ba wanda dillalin ya rubuta a allo ba. Idan ana samun injin a N850,000 a wani shago, to da wannan za a auna, kuma kashin zai ƙara tashi.

Ga mai kwamfuta ko waya

Manhajojin jadawalin lissafi irin su Excel suna da umarnin da ke yin wannan gwaji da kansa. A misalinmu na farko ana rubuta:

```
=RATE(12,-120000,1200000)
```

Amsar za ta fito a kashin wata, watau 2.92, sai dai wani lokaci akwatin yakan taƙaita ta ya nuna 3, sai a ƙara masa gurbin lambobin bayan ɗigo. Alamar ɗebewa da ke gaban 120000 wajibi ce, domin tana nuna kuɗin fita ne, rancen kuma shiga. Idan aka manta da ita, manhajar takan nuna #NUM! maimakon amsa. Idan kuma ana biya a farkon wata ne ba a ƙarshe ba, sai a ƙara 0 da 1 a ƙarshen umarnin:

```
=RATE(12,-120000,1200000,0,1)
```

Biya a farkon wata yana ƙara tsada, domin biyan farko na komawa ne a ranar da aka karɓi kuɗin.

Iyakar wannan hanya

Ma'auni da jadawalin da muka kawo suna aiki ne idan biyan daidai yake kowane karo, tazarar lokaci daidai take, kuma biyan farko ya zo bayan wata ɗaya da karɓar kuɗi. Idan an ba da hutun wasu watanni kafin a fara biya, ko akwai dunƙulallen biya a ƙarshe, ko adadin na sauyawa, to jadawalin ba zai yi ba. Amma tushen bai sauya ba: a taya kashi, a mayar da kowane biya zuwa darajarsa ta yau gwargwadon watan da zai zo, a tara, a kwatanta da abin da ya shiga hannu, a rage ko a ƙara. A manhajar jadawali umarnin IRR ne ke yin wannan, idan aka jera kuɗin shiga da na fita wata-wata. Har ila yau lissafin bai ƙunshi tarar jinkiri ba, kuma idan yarjejeniya ta ba mai rance ikon sauya ruwa a tsakiyar wa'adi, amsar ta ranar da aka yi lissafin ce kawai.

Saboda haka kafin a sa hannu, tambayoyi huɗu ne za a nemi amsarsu a rubuce: nawa ne zai shiga hannuna bayan an cire kome da kome, nawa zan biya kowane karo, sau nawa, kuma yaushe ne biyan farko. Da waɗannan amsoshi da jadawalin da ke sama, cikin 'yan mintoci ɗan kasuwa zai san farashin kuɗin da ake sayar masa, ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba.